Kwantirolar dedbit ko mai sassauci: wacce za a ɗora wa injin lantarki?

A tsarin sarrafawa na dijital, kwamfuta tana duba na'urar awo sau ɗaya a kowace tazara T, ta lissafa umarni, ta riƙe shi har awo na gaba. Dabarar dedbit ita ce a zaɓi lambobin kwantirola yadda duk fol na rufaffen madauki za su zauna a kan z = 0. Idan an yi haka, kuskure ba ya raguwa sannu a hankali kamar yadda aka saba, sai ya ƙare ƙarƙaf bayan taku ƙididdigaggu, waɗanda ba su wuce yawan yanayin tsarin ba. Tsarin da yake da yanayi biyu, wato matsayi da gudu, taku biyu ne kawai ya isa inda aka aike shi ya tsaya cak. Duk wanda ya fara ganin wannan a allon kwaikwayo sai ya burge shi, kuma da gaskiyarsa. Abin da allon ba ya nunawa, sai in an nema, shi ne ƙarfin da aka buƙata daga injin kafin a samu wannan sakamako.

Za mu ɗauki inji guda mu gwada masa hanyoyi uku: dedbit, da ajiye fol nesa da sifiri, da shimfiɗa tafiyar a kan taku masu yawa. Injin lantarki ne da ke juya faifai. Nauyin juyinsa haɗe da kaya J = 0.002 kg·m², iyakar ƙarfin juyin da amfilifaya za ta iya bayarwa 2 N·m, enkodarsa tana ƙirga 4096 a zagaye ɗaya, aikin kuma shi ne a matsar da faifan radiyan 0.1, wato digiri shida ba kaɗan. Mun ajiye gogayya gefe domin lissafin ya fito fili.

Daga ina ƙarfin yake fitowa

Idan r shi ne matsayin da ake son kaiwa, u kuma saurin ƙaruwar gudu da aka umarta, wanda ake riƙewa tsawon T, to daga awo zuwa awo matsayi x da gudu v suna canzawa kamar haka:

```
x(k+1) = x(k) + T*v(k) + (T^2/2)*u(k)
v(k+1) = v(k) + T*u(k)
u(k)   = k1*(r - x(k)) - k2*v(k)
```

In aka tilasta fol biyun su zauna a sifiri, amsar guda ce tak: k1 = 1/T² da k2 = 3/(2T). Babu wani maɓalli da ya rage wa mai ƙira ya murɗa. T ce kaɗai abin zaɓi, kuma ita ke yanke komai. Mai aiki da MATLAB zai same su da `acker(A,B,[0 0])`. `place` kuwa za ta ƙi, domin ba ta karɓar fol da aka maimaita fiye da yawan hanyoyin shigar umarni.

Abin da kwantirolar ke yi a zahiri ba shi da wuyar fahimta. A taku na farko ta tura faifan da ƙarfi J·r/T², ya cinye rabin hanya. A taku na biyu ta ja shi baya da ƙarfi daidai da wancan, ya ƙarasa ɗaya rabin, gudunsa ya koma sifiri. Shi ke nan. Wannan ba wayon lissafi ba ne, dokar motsi ce tsagwaronta: wanda yake son kai abu mai nauyi wani wuri cikin rabin lokaci, dole ya ninka gudunsa biyu, kuma ya samar da wannan gudun cikin rabin lokaci, ƙarfi ya ninku huɗu ke nan.

Mu sa lambobi. In T milisakan 10 ce, ƙarfin da ake nema 0.002 × 0.1 ÷ 0.0001 ne, wato 2 N·m, daidai bakin iyakar injin. In aka rage T zuwa milisakan 5, buƙata ta koma 8 N·m. In aka kai ta milisakan 1, wanda shi ne abin da mutane da yawa ke zaɓa ba tare da dogon tunani ba saboda kwamfutar tana iyawa, buƙata ta zama 200 N·m, ninki ɗari na abin da injin yake da shi. A yawancin kwantiroli, yawaita awo alheri ne. A dedbit kuwa rage T alkawari ne aka ɗauka da sunan injin cewa zai gama aikin cikin 2T, ba a kuma tambaye shi ba. Tsarin da yake da matakai uku tsakanin umarni da matsayi, misali in aka sa jinkirin tashin karant a lissafi, buƙatarsa tana hawa ne da 1/T³, abin ya ƙara muni.

Idan amfilifaya ta kai maƙura

Amfilifaya ba ta musu, tana ba da abin da take da shi ne ta yi shiru. A ce an bar T a milisakan 1 da lambobin dedbit. An nemi 200, ta ba da 2, faifan ya ɗauki gudu da radiyan 1000 a sakan cikin sakan. Matsalar ita ce kwantirolar tana nan a kan imaninta cewa tana da birki mai ƙarfin gaske, don haka ba ta juya umarni sai lokacin da k2·v ya rinjayi k1·(r − x), wato sai saura tazarar da ba ta wuce 0.0015 sau gudu ba. A misalinmu wannan yana faruwa ne lokacin da faifan yake gudun kusan radiyan 12.7 a sakan, saura radiyan 0.019 ya isa. Birki da 2 N·m daga wannan gudun yana cin radiyan 0.081. Faifan ya zarce wurin da kusan kashi 60 cikin ɗari na tafiyar, ya juyo, ya sake zarcewa, ya yi ta kai da kawo kafin ya lafa. Kwantirolar da aka zaɓa domin kada a zarce ita ce ta fi kowacce zarcewa.

Gane wannan a wurin aiki ba ya buƙatar dogon bincike. A zana umarnin da kwantirola ta lissafa tare da wanda ya fita bayan an datse shi. In layin karant ya kwanta shamɓal a iyakarsa ta sama, ya faɗo ya kwanta a ta ƙasa, to madaukin a buɗe yake duk tsawon wannan lokaci, fol ɗin da aka ajiye a sifiri kuma ba su da ta cewa. Wata alamar ita ce ƙaramin umarni ya yi kyau, babba ya lalace. A milisakan 1, tafiyar da ta fi girma da za a yi ba tare da kai maƙura ba radiyan 0.001 ce.

To ga abin da ya fi tayar da hankali: ƙirga ɗaya ta enkodar nan radiyan 0.00153 ce, ta fi waccan iyakar. Faifan yana tsaye, ya ɗan girgiza, ƙirga ta motsa da ɗaya. Ta hanyar k1 kawai an nemi kusan 3 N·m. In kuma ana samun gudu ta hanyar ɗebe awon baya daga na yanzu a raba da T, wannan ƙirga ɗayar za ta bayyana a matsayin gudun radiyan 1.53 a sakan, ta ƙara neman 4.6 N·m ta hanyar k2. Jimla kusan 7.7 N·m a kan motsin da ido ba zai gani ba. Injin zai riƙa tsuwa yana tsaye, jikinsa ya ɗau zafi babu aikin fari balle na baƙi, haƙoran giya da mahaɗin sanda su sha duka.

Dedbit mai doguwar tazara

Mafita ta farko ita ce a bar dedbit ɗin amma a zaɓi T daga ƙarfin injin, ba daga saurin kwamfuta ba: T ta kai aƙalla √(J·r/ƙarfi). A nan milisakan 10 ke nan, k1 = 10,000 da k2 = 150. Faifan ya isa cikin milisakan 20, kuma babu kwantirolar da za ta riga wannan da 2 N·m, domin cikakken turi a rabin hanya da cikakken birki a ɗaya rabin shi ne iyakar saurin da ake iya samu. Ƙirga ɗaya ta enkoda yanzu 0.08 N·m kawai take tayarwa. Ga alama an dace.

Sai dai an dace ne a kan radiyan 0.1 kaɗai. Umarnin radiyan 1 zai nemi 20 N·m, a koma gidan jiya. Umarnin radiyan 0.01 kuwa zai ci milisakan 20 ɗin nan dai, alhali injin yana iya gama shi cikin 6 da ɗan wani abu. Kuma tsakanin awo da awo kwantirolar makauniya ce: kayan da ya danno da 0.5 N·m jim kaɗan bayan awo zai karkatar da faifan radiyan 0.0125, ƙirga takwas, kafin ta san an yi.

Raunin da tsawaita T ba ya warkarwa shi ne dogaro da daidaiton samfurin lissafi, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. A kira g rabon J da aka sa a lissafi da J na gaskiya. Lissafin fol na rufaffen madauki yana komawa:

```
z^2 + (2g - 2)*z + (1 - g) = 0
```

In g = 1 ne komai ya share, saura z². In g = 1.1 ne, wato nauyin gaskiya ya gaza na lissafi da kashi 9 cikin ɗari, fol ɗin ba su matsa da kashi goma ba, sun yi tsalle zuwa 0.23 da −0.43. Haka fol da aka tara wuri guda suke: ƙaramin kuskure yana warwatsa su da gwargwadon tushen murabba'insa. Fol mai alamar ɗebewa kuma ma'anarsa umarni zai riƙa juya alama a kowane taku. A g = 1.2 ya kai −0.69. A g = 4/3 ya taɓa −1, madaukin ya rasa natsuwa. Da sauƙin magana, in aka cire wa faifan kaya har nauyin juyinsa ya ragu da kashi ɗaya bisa huɗu, injin zai kama rawa ba zai daina ba. Ga na'urar da take ɗauka tana saukewa, wannan tazarar ba ta isa komai ba, kuma ƙarfin juyin da inji ke bayarwa a kowane amfiya shi ma yana sauyawa da zafin maganaɗisu.

Sai jinkirin lissafi. Ƙirar da ke sama ta ɗauka cewa umarni yana fita a daidai lokacin da aka yi awo. A manhajoji da dama kuwa ana karanta awo a wannan taku, umarnin ya fita a farkon na gaba. Da lambobin dedbit ɗin nan, jinkirin taku ɗaya yana mayar da lissafin z³ − 2z² + 3z − 1 = 0, wanda fol ɗinsa biyu suke nisan 1.52 daga tsakiya, can wajen da'irar natsuwa. Ba lalacewa kaɗan ba ce, tashin farko injin zai ƙwace. Maganinsa a sa umarnin da ya gabata cikin yanayin tsarin a sake ƙira, sai ya zama taku uku maimakon biyu. Wanda bai auna jinkirinsa da osiloskof ba, daga karanta enkoda zuwa sauyawar umarni, bai kai ga fara ƙirar dedbit ba tukuna.

Tarkon taku ɗaya

Akwai wata dedbit ɗin da ake ƙerawa ta hanyar kifar da lissafin injin, a ce matsayi ya daidaita da umarni bayan taku ɗaya rak. Lissafin injinmu G(z) = T²(z + 1)/(2(z − 1)²) ne, yana da ziro a kan −1, kuma wannan ƙirar tana soke shi ta hanyar ajiye fol ɗinta a wurin. A lokutan awo sakamakon ba shi da aibi: 0.1, 0.1, 0.1. Amma faifan ya iso wurin ne da gudun 2r/T, bai tsaya ba. Don ya sake kasancewa a wurin a awo na gaba, sai a ja shi baya da 4J·r/T², ya wuce ya dawo, sannan a tura shi gaba da ƙarfi irin wannan, haka har abada. A milisakan 10 wannan 8 N·m ne yana juya alama kowane taku, faifan kuma yana lilo tsakanin radiyan 0.05 da 0.15 a ɓoye tsakanin awo. Rikodin da kwantirola ke ajiyewa ba zai taɓa nuna shi ba, sai an auna da na'urar da ta fi ta saurin awo sau goma ko fiye, ko a dubi karant. Åström da Hagander da Sternby sun nuna a 1984 cewa irin waɗannan ziro ɗin awon ne da kansa yake haifar da su, kuma a tsari mai matakai uku suna kusantar −0.27 da −3.73 idan T ta ƙanƙance. Soke na biyun yana nufin umarnin da zai yi ta girma ba iyaka. Ƙa'idar ita ce ziron da yake kan da'irar, ko wajenta, ko kusa da −1, a bar shi a wurinsa a ƙara taku.

Ajiye fol nesa da sifiri

Hanya ta biyu: a riƙe T a milisakan 1, a ajiye fol biyun a kan wani p tsakanin sifiri da ɗaya. Lambobin sun zama k1 = (1 − p)²/T² da k2 = (1 − p)(3 + p)/(2T). Yanzu an samu maɓallin da dedbit ta hana. Umarnin farko ya ragu da (1 − p)², don haka saukar da 200 zuwa 2 yana buƙatar p = 0.9, wanda ya ba da k1 = 10,000 da k2 = 195. A lura k1 ɗin daidai yake da na dedbit mai milisakan 10. Taurin riƙon matsayi ɗaya ne, bambancin shi ne wannan tana duba faifan sau goma a lokacin da waccan ta duba sau ɗaya.

Abin da aka biya shi ne lokaci. Kuskure yana shiga cikin kashi 2 bisa ɗari ne bayan kusan milisakan 55, ba 20 ba, domin cikakken ƙarfin a takun farko kawai aka yi amfani da shi. Abin da aka saya kuwa ba kaɗan ba ne. Madaukin yana nan a natse har g ya kai kusan 10, ba 1.33 ba. Jinkirin taku ɗaya da ya kashe dedbit bai fitar da ko fol ɗaya daga da'ira ba. Ban da lokaci, wuri guda da wannan hanyar ta gaza dedbit mai doguwar tazara shi ne hayaniyar enkoda: ɗebe awo daga awo a milisakan 1 yana sa ƙirga ɗaya ta tayar da kusan 0.6 N·m. Dole a tace lissafin gudun, ko a gina masa mai hasashen yanayi, kuma shi ma mai hasashen kada a ajiye fol ɗinsa a sifiri, in ba haka ba hayaniyar ta dawo ta bayan gida.

Dukansu biyu, in kaya na dindindin ya zauna a kan faifan, za su bar kuskure iri ɗaya, 0.025 na radiyan a kan 0.5 N·m. Share shi sai an ƙara mai tara kuskure, tare da hana shi ci gaba da tarawa lokacin da amfilifaya ta kai maƙura.

Shimfiɗa tafiyar a kan taku masu yawa

Hanya ta uku ita ce wadda muka fi ba da shawara ga aikin matsar da kaya, domin ta raba abubuwa biyu da dedbit ta cakuɗa: yadda ake son tafiyar ta kasance, da yadda ake gyara kaucewa daga gare ta. Ana lissafa jerin umarni tun kafin a motsa, wanda zai kai faifan wurin ya tsayar da shi cikin taku N, a tura shi kai tsaye ga amfilifaya. Kwantirola mai sassauci irin ta p = 0.9 kuma ta tsaya tana kallon bambancin da ke tsakanin hanyar da aka shata da inda faifan yake. Jerin da ya fi tsimin zafi a wayoyin injin yana farawa da ƙarfi ne ya yi ta sauka a miƙe har ya koma birki, kuma ƙololuwarsa ita ce:

```
tau_max = 6*J*r / (T^2 * N*(N+1))
```

A N = 2 wannan dedbit ce sak, 200 N·m. A N = 24 ya sauko 2 N·m daidai. Milisakan 24 ke nan, huɗu kacal a kan iyakar da dokar motsi ta gindaya. A aikace ba a cinye ƙarfin duka, sai an bar wa kwantirolar gyara rabonta, don haka N = 30 ya fi dacewa: ƙololuwa 1.29 N·m, saura 0.7 na gyara, an isa cikin milisakan 30. In umarni ya girma sai a ƙara N, in ya ƙanƙance a rage. Kuskuren kashi 10 a J ba ya taɓa natsuwar madauki, iyakarsa ɗan kaucewa da za a share a ƙarshen tafiya. Wahalarta ita ce ƙarin manhaja, da kuma cewa dole a san inda za a je tun farko. Bugun da ya zo daga waje ba zato, kwantirolar mai sassauci ce kaɗai za ta tare shi, da saurinta na milisakan 55.

Inda dedbit take da gaskiya

Kada a ɗauka dedbit ba ta da gida. Madaukin karant na inbata misali ne mai kyau, domin tsarin mataki ɗaya ne, buƙata tana hawa da 1/T kawai. Nadin waya mai milihenri 2, ana son karant ya ƙaru da amfiya 5 cikin maikurosakan 100: L·Δi/T ya ba da bolt 100, ƙari a kan abin da ake buƙata don tare wutar da ke gaba. In layin wutar bolt 400 ne kuma akwai sarari, abin yana yiwuwa. A nan madaukin yana jure g har zuwa 2. Jinkirin taku ɗaya dai yana kai fol ɗin kan da'irar daidai, shi ya sa ake hasashen karant na taku mai zuwa kafin a lissafa umarni. A kuma tuna L yana raguwa idan ƙarfen nadin ya ƙoshi da maganaɗisu a babban karant, wanda ke tura g sama, don haka a sa L mafi ƙanƙanta da ake tsammani a lissafi, ba wanda aka auna a ƙaramin karant ba.

Kafin a amince da dedbit a kowane aiki, lissafi uku ne za a yi a takarda. A ninka tafiya mafi girma da k1 da J a gwada da iyakar amfilifaya. A ninka ƙirga ɗaya ta na'urar awo da lambobin kwantirola a ga ko ya wuce kashi kaɗan na wannan iyakar. A sauya samfurin da gwargwadon abin da kaya da zafi za su iya sauya shi, a ƙara jinkirin da aka auna, a sake neman fol. Madaukin karant ɗin can yana iya tsallake ukun. Faifanmu a milisakan 1 ya faɗi tun a na farko, a milisakan 10 kuma ya tsallake biyu ya faɗi a na uku da zarar an sauke masa rubu'in nauyinsa. Shi kam taku 30 da fol a 0.9 za mu ɗora masa.